Kwaɓin kek na zagayayyen gwangwani inci 8, zai ishi mai kusurwa huɗu inci 8?

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawara kafin Asabar. Wata baiwar Allah ta ba ni aikin kek na walimar sauka, ta ce ita mai kusurwa huɗu take so saboda rubutun da za a yi a kai. Ni kuma ma'aunin da hannuna ya saba da shi na zagayayyen gwangwani ne, inci 8, zurfinsa inci 3. Ga abin da nake sawa: fulawa giram 250, bota giram 250, sukari giram 220, ƙwai 5, madara mililita 60, bekin foda ƙaramin cokali 2. Na aro mai kusurwa huɗu a wajen maƙwabciyata, ta ce shi ma inci 8 ne. In zuba kwaɓin a haka, ko sai na ƙara? In ƙari ne, nawa?

Ummu Sadiq: Wa alaikumus salam. Ai takwas takwas ce Maman Hanif, zuba abinki kawai. Ni ban taɓa canza ma'auni don an canza gwangwani ba.

Anti Bilki: Ummu Sadiq, a nan kam ba haka ba ne. Maman Hanif, tun kafin a je ga lissafi, kife mai kusurwa huɗun a kan tebur, ki ɗora zagayayyen a bayansa. Za ki ga ya taɓo gefe huɗun nan daidai, amma kusurwa huɗu sun leƙo waje babu abin da ya rufe su. Wuraren nan huɗu su ma kwaɓi za su ci, kuma in kin haɗa su ba kaɗan ba ne.

Abin da ake kwatantawa shi ne filin ƙasan gwangwanin, wato shimfiɗar da kwaɓi zai kwanta a kai. Na mai kusurwa huɗu ba wuya, gefe sau gefe: 8 × 8 = 64. Na zagayayye kuwa sai ki raba faɗinsa biyu tukuna, rabin 8 shi ne 4, sannan ki yi 4 × 4 × 3.14, ya ba ki 50 da ɗan ɗigo, wajen 50.3. To kin ga ɗaya 50, ɗaya 64. Sai ki raba sabon da tsohon: 64 ÷ 50.3 = 1.27. Wannan lambar da ita za ki ninka kowane abu da ke cikin ma'auninki.

In kika zuba a haka ba ƙari, kek ɗin zai gasu, ba wai zai lalace ba, amma zai rasa wajen kashi ɗaya cikin biyar na tsayinsa. Wanda kika saba gani ya kusa cika gwangwani zai tsaya ƙasa-ƙasa, kuma tunda ya fi siriri zai riga lokacin da kika saba gasuwa. In kika bar shi ya cika lokacin nan, ya bushe.

Ummu Sadiq: To ikon Allah. Amma Anti ni fa na sha yi ban ga wani bambanci ba.

Anti Bilki: Mai yiwuwa kwaɓinki dama yana yi wa zagayayyen yawa, yana tasowa ya yi tozo a tsakiya kina yankewa. Kin ga in ya samu gwangwani mai fili sai ya baje ya zauna daidai, ke kuma ki ga kamar babu bambanci. Duba ki gani, in kin zuba a zagayayyen ina yake tsayawa? In ya wuce kashi biyu cikin uku na zurfin, to shi ne dalili.

Ummu Sadiq: Gaskiya yana kusan cika shi. Kullum sai na fere saman.

Hauwa'u Funtuwa: Anti Bilki na bi lissafinki a waya amma ni 201 ya ba ni ba 50 ba. Kenan zagayayyen ne ma ya fi girma?

Anti Bilki: Hauwa'u, 8 × 8 × 3.14 kika buga. Ba ki raba faɗin biyu ba. Da 4 ake yi, ba da 8 ba. Kuma ko ido ya isa ya gaya miki, abin da ya zauna a cikin wani ba zai ninka shi uku ba.

Hauwa'u Funtuwa: Na gane yanzu, 50.24 ya fito. Na gode Anti.

Hajiya Turai: Ni a wajen da na koyi gashi abin da aka gaya mana a taƙaice shi ne, mai kusurwa huɗu daidai yake da zagayayyen da ya fi shi da inci ɗaya. Mai kusurwa 8, zagayayye 9. Mai kusurwa 7, zagayayye 8. Shi ke nan, ba sai an ɗauko waya ana ta danne-danne ba. Da shi nake aiki har yau kuma bai ba ni kunya ba.

Malam Nafi'u: Hajiya, ƙa'idarki tana da tushe. Ni ba mai gashi ba ne, maiɗakina ce ke yi, ni dai lissafi nake koyarwa a sakandare shi ya sa take turo mini irin wannan. Zagayayye inci 9 filinsa 63.6, mai kusurwa huɗu inci 8 kuma 64, kusan abu ɗaya. Zagayayye inci 8 yana da 50.3, mai kusurwa inci 7 yana da 49, nan ma ba laifi. To amma a wannan tsakanin kawai take cika daidai. In aka hau sama sai ta fara zamewa. Mai kusurwa inci 10 filinsa 100 ne, zagayayye inci 11 kuma 95. Mai kusurwa inci 12 filinsa 144, zagayayye inci 13 bai kai 133 ba, sai an je inci 13 da rabi kafin su yi kunnen doki. Saboda haka mai yin manyan kek na biki kada ta dogara da ƙarin inci ɗaya.

Hajiya Turai: To Malam, ni dama 7 da 8 da 9 ne gwangwanayena, shi ya sa ban taɓa cin karo da matsalar ba. Amma ai Maman Hanif 8 take magana, kenan tana iya nemo ma'aunin zagayayye inci 9 ta yi da shi.

Anti Bilki: Tana iyawa Hajiya, sai dai ma'aunin wani ne ba nata ba. Mai walimar kek ɗin Maman Hanif ta ɗanɗana ta ce tana so. Gara ta ninka nata.

Maman Hanif: Haka ne Anti, nawa nake so in riƙe. Na buga da 1.27 ɗin. Fulawa ta zama 318, bota 318, sukari 279, madara 76, bekin foda cokali 2 da rabi. Inda na tsaya shi ne ƙwai, ya ba ni 6.35. Yaya ake sa ƙwai shida da ɗigo?

Anti Bilki: Da sikeli. Matsakaicin ƙwai in an fasa an cire ɓawo yana kai wajen giram 50, shi ya sa biyar ɗinki suka yi daidai da fulawa 250 da bota 250. Ma'auninki a kan wannan daidaiton ya tsaya. Ki fasa bakwai a kwano, ki kaɗa su da cokali mai yatsu har fari da gwaiduwa su haɗe, sannan ki auna giram 318 ki zuba. Ragowar a soya wa yara. Kada ki ɗebi farin ƙwai kawai ko gwaiduwa kawai ki ce ƙarin kenan, aikinsu a cikin kek ba ɗaya ba ne.

Kuma wannan aunawa ta fi ƙirga ko da ba ƙari za ki yi ba, don ƙwan da ake sayar mana a kiret ba girmansu ɗaya ba. Wani lokaci shida ƙanana ba su kai biyar manya ba.

Hajiya Turai: Ni da ni ce shida zan sa in ƙara madara cokali ɗaya, in huta.

Anti Bilki: Zai yi Hajiya, giram 18 ne ya rage, kek mai bota ba zai rushe a kan wannan ba. Abin da ba na so shi ne a ce tunda ya wuce shida bari a sa bakwai cif, sauran kaya kuma a bar su a 318. Nan ƙwai ya yi yawa, kek ya yi danƙo-danƙo, ƙarnin ƙwai ya fito.

Sadiya Gashi: Ni wata hanya nake bi. Zare nake zagayawa a bakin gwangwanin in auna tsawonsa da tef. Yanzu na gwada da nawa, zagayayye inci 8 ya ba ni 25 da kaɗan, mai kusurwa huɗu 32. In ka raba ai 1.27 ɗin nan ce dai ta fito. Kenan ba sai an yi wani 3.14 ba.

Malam Nafi'u: Malama Sadiya, amsarki ta yi daidai a nan, amma dacewa ce saboda faɗin gwangwanayen biyu ɗaya ne. Gwada daga zagayayye inci 8 zuwa mai kusurwa inci 10. Zarenki zai ce 40 ÷ 25.1, wato 1.59. Filin ƙasa kuwa 100 ÷ 50.3 ne, wato kusan ninki biyu cif. In kin bi zare za ki kwaɓa na ƙwai takwas alhali na ƙwai goma ake buƙata. Dalili shi ne zare tsawo kawai yake aunawa, shi kuma fili ta ɓangare biyu yake ƙaruwa, tsawo da faɗi a tare.

Sadiya Gashi: Kai, shi ya sa! Akwai wani inci 10 da na yi wa ƙanwar mijina ya fito kamar faranti, na ɗora laifin a kan bekin foda na ce ya kwana biyu.

Zeinabou Maraɗi: Sannunku da aiki. Mu a nan da santimita muke aunawa, lissafin zai canza ne? Nawa zagayayye santimita 20 ne, ina da wani dogo kuma 20 da 30.

Anti Bilki: Ba ya canzawa Zeinabou, muddin duka biyun da abu ɗaya kika auna su. Naki 10 × 10 × 3.14 = 314. Dogon kuma 20 × 30 = 600. Raba 600 da 314, ya ba ki 1.91. Ninka ma'auninki biyu kawai, ɗan abin da ya yi saura ki zuba a ƙananan gwangwanaye biyu. In mai kusurwa huɗu santimita 20 ne, 400 ÷ 314, kin dawo kan 1.27 ɗin Maman Hanif.

Zeinabou Maraɗi: Madalla, Allah ya saka.

Baba Audu Mai Burodi: 'Ya'yana, duk lissafin nan na ji shi, kuma daidai ne a takarda. Amma ina da tambaya ɗaya ga mai aikin. Kin sa tef kin auna gwangwanin da kika aro, ko dai an ce miki inci 8 ne kika karɓa? Na daɗe ina aiki da gwangwanayen da maƙeranmu ke lanƙwasawa a kasuwa. Yawancinsu bakin ya fi gindin faɗi, don a riƙa jera wani cikin wani kuma kek ya fita da sauƙi. Wani kuma daga wajen leɓen aka auna aka kira shi 8. Kusurwar ma wani a lanƙwashe take ba a tsaye ba. Auna daga ciki zuwa ciki, sama da ƙasa, ki gaya mana.

Maman Hanif: Baba wallahi ban auna ba. Bari in ɗauko tef ɗin ɗinki.

Na auna. Zagayayyen nawa 8 ne sama da ƙasa, gefensa a miƙe yake. Na aron kuma bakinsa 8, gindinsa 7 da uku bisa huɗu. Kusurwoyin a ɗan zagaye suke, yatsana yana kwanciya a ciki. Zurfi duka inci 3.

Baba Audu Mai Burodi: To kin gani. Yanzu bar tef, ɗauko ruwa. Sa alama a cikin kowanne a tsayin inci 2 daga gindi. Ɗora gwangwanin a sikeli, mayar da shi sifili, zuba ruwa har alamar, rubuta abin da ya nuna. Haka ɗayan. Ruwa ba ruwansa da lanƙwasa ko karkata, duk inda kwaɓi zai shiga shi ma zai shiga. Sai ki raba babban da ƙaramin kamar yadda Bilki ta nuna.

Hauwa'u Funtuwa: Baba me ya sa ba za a cika su har baki ba?

Baba Audu Mai Burodi: In zurfinsu ɗaya, cika su ma ya yi, sai dai zuba a hanya. Amma in ɗaya inci 2 ne ɗaya inci 4, kika cika kowanne har baki, amsar da za ki samu ta haɗa da tsayi. Za ki kwaɓa na kek mai kauri biyu, wanda gashinsa daban ne gaba ɗaya: waje ya ƙone, ciki ɗanye. Mu abin da muke nema kaurin kwaɓin ya zauna yadda hannunta ya saba, fili kawai ya canza. Shi ya sa alama ɗaya a duka biyun. Wadda nata mai cirarren gindi ne, ruwa zai zube, sai ta yi da shinkafa ko sukari ta daidaita saman da bayan cokali.

Maman Hanif: Na yi Baba. Zagayayye giram 1650, mai kusurwa huɗu 1980.

Malam Nafi'u: 1980 ÷ 1650 = 1.2. Kuma ya yi daidai da tef, don 7.75 × 7.75 ya kama 60, in aka raba da 50.3 a samu 1.19. Rubu'in incin nan da aka rasa a gindi shi ya ci kusan 4 daga cikin 64.

Anti Bilki: To Baba ya raba gardama, kuma ya sauƙaƙa miki. Da 1.2 za ki yi, ba 1.27 ba. Fulawa 300, bota 300, sukari 264, ƙwai 6 daidai ba sai kin fasa na bakwai ba, madara 72, bekin foda cokali 2 da rabi amma rabin kada ki cika shi sosai. In kin gama kwaɓawa jimillar za ta kama wajen giram 1240 zuwa 1250. Da kin zuba, tsoma tsinken tsire a tsakiya ki ga inda kwaɓin ya tsaya a jikinsa. Ya kamata ya yi daidai da inda yake tsayawa a zagayayyenki, wajen rabin zurfin gwangwanin. Ki tura kwaɓin cikin kusurwoyin da bayan cokali, don kwaɓin bota yana da kauri, ba ya gangarawa can da kansa. In kin bar shi kusurwa za ta fito siririya ta ƙone.

Maman Hanif: Na rubuta. Saura lokaci. Ina gasa zagayayyen minti 50 a wuta 170. Shi ma in ninka da 1.2, ya zama awa ɗaya?

Anti Bilki: A'a, lokaci ba ya bin wannan lissafin. Abin da ya fi yanke tsawon gashi shi ne kaurin kwaɓin, kuma kaurin bai canza ba. Zai iya ƙara minti biyar, wani lokaci har goma, tunda tsakiyar tana da kaya da yawa kewaye da ita. Ki fara dubawa a minti 45. Tsinke a tsakiya ya fito ba ɗanyen kwaɓi, ki danna saman da yatsa ya dawo, gefen ya ɗan janye daga jikin gwangwani. Kada ki soka a kusurwa ki ce ya yi, kusurwa tana shan zafi ta gefe biyu, ita ke fara gasuwa tun tsakiya na rawa.

Hajiya Turai: Saboda kusurwar nan ni rage wuta nake zuwa 160 duk lokacin da zan yi mai kusurwa huɗu. Ya ɗan daɗe amma ba ya baƙi.

Baba Audu Mai Burodi: Ni ban yarda da rage wuta a kan inci 8 ba Hajiya. A 12 ko 14, na yarda. Ƙaramin nan in kin rage sai ya daɗe a ciki ya bushe gaba ɗaya, kin gudu daga ƙunar kusurwa kin faɗa bushewa. Gara ta jiƙa tsohon tawul ta matse, ta naɗe shi a takardar alminiyom, ta ɗaura a kewayen gwangwanin. Gefen zai jinkirta, tsakiya ta kamo shi, saman ma ya fi kwanciya. Ta dai kula kada ƙyallen ya leƙo kusa da harshen wuta.

Hajiya Turai: Baba kai tandarka ta gidan burodi ce, zafinta a zaune yake. Namu na gas na gida in ka sa 170 wani lokaci abin da ke ciki ya fi haka nesa. Ni dai 160 ɗina ban ga bushewa ba.

Anti Bilki: Wannan kam kowa da abin gashinta. Maman Hanif ita ta san nata, in dama yana saurin ƙona gefe ta bi Hajiya, in ba ya yi ta bar shi yadda yake.

Rabi'atu Gombe: Ni tambayata daban ce, ku yi haƙuri. A tukunya nake gashi da yashi a ƙasa, kan gawayi. Zagayayye inci 8 yana shiga tukunyata har da sarari. Mai kusurwa huɗu inci 8 zai shiga?

Malam Nafi'u: Auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, ba gefe ba. A inci 8 wannan tsallaken ya kai 11.3, in an haɗa da leɓe ya doshi 12. Tukunyar da cikinta bai wuce inci 12 ba ko ya shiga kusurwoyin za su manne da jikinta.

Baba Audu Mai Burodi: Kuma jikin tukunya nan ne wuta take. Ko ya shiga, in babu sararin yatsa biyu tsakanin kusurwa da tukunya, kusurwa huɗun za su ƙone kafin tsakiya ta san an fara. Nemi babbar tukunya 'yata, ko ki yi da mai kusurwa inci 7, wanda ma kwaɓinki na zagayayye 8 zai cika shi ba ƙari.

Rabi'atu Gombe: Tawa 11 ce. Zan nemi babbar tukunya, na gode Baba.

Sadiya Gashi: Maman Hanif kada ki manta da kuɗi fa. Kaya sun ƙaru da kashi ɗaya cikin biyar, adon saman ma zai ƙaru. Kin gaya wa mai walimar?

Maman Hanif: Mun riga mun yi ciniki a kan kuɗin inci 8 da na saba. Kunya nake ji in koma in ce a ƙara.

Hajiya Turai: Wannan karon ki bar shi tunda kin riga kin amsa, magana ɗaya ce. Gaba ki raba farashin.

Sadiya Gashi: Ni ban ga abin kunya ba Hajiya. Ba ta saya ba tukuna, kuma yankan da za ta samu ya fi yawa. A yi mata bayani da daɗin baki, in ta ƙi a yi mata inci 7.

Maman Hanif: Zan yi shawara da Abban Hanif a kan wannan.

Anti Bilki, tambaya ta ƙarshe. Kirim ɗin da nake shafawa na bota giram 200 da sukarin ado giram 400 ne, yana isata saman da gefe da tsakiya in na raba kek ɗin biyu. Shi ma 1.2?

Anti Bilki: Saman da tsakiyar suna bin fili, gefen yana bin zaren Sadiya, kuma a naki duka biyun kusan lamba ɗaya suke bayarwa. Amma ki yi da 1.3, bota 260 da sukari 520. Fitar da kusurwa ta tsaya cak yana cin kirim fiye da yadda lissafi ke nunawa, balle naki da kusurwoyin suke a zagaye kuma gindin ya fi bakin tsukewa, da kirim za ki cike su. In kin kife kek ɗin gindin ya koma sama, ki fara shafa siririn kirim ki sa a firji ya daskare, sannan ki bi da na biyu.